Haƙorin da Na Sa da Kwasar Maƙwabciyata

Haƙorina na gaba ya daɗe da baƙi kafin ya kare, ranar da na ciji ƙashi a cikin miya. Da ciwo ya hana ni sakat, na je wani asibitin haƙori na kuɗi a nan Konni. Likita ya ɗauki hoto, ya ce hanya biyu ce: ko a cire shi, wannan ba tsada, ko a kashe jijiyar, a cike ramin, a ɗora masa hula mai kamar haƙori. Hular a Yamai ake yin ta. Kuɗin da ya faɗa ya fi ƙarfinmu.

Maigidana direba ne, yana jigila tsakanin Konni da Dogarawa, kuma lokacin injin motar na wurin gyara. Ya ce in yi haƙuri a cire. Na ce to, amma raina bai ce to ba. Ina jin kunyar wawulo.

Matar da ke karɓar kuɗi a buro, wato ofishin asibitin, ta ce ba ta da ikon ɗaga wa kowa biya, sai dai in rubuta wa mai asibitin takarda. In faɗi abin da zan fara bayarwa, da ranakun da zan kawo sauran, da inda kuɗin zai fito, in haɗa da kwafin katin shaidata. Ta ja kunnena cewa biyan farko sai ya kai kuɗin hular, domin su ma masu yin ta ba sa ba su bashi.

Rabona da rubuta Faransanci tun lakwal, wato makarantar boko. Na zauna bayan la'asar na tsara takardar tsaf, har ina jin daɗin hannuna bai mutu ba. Da na zo kan inda kuɗin zai fito, na rubuta cewa ƙarshen watan nan ni ke da kwasar adashi. Alhali tawa sai bayan Layya. Ta watan nan ta maƙwabciyata ce, bazawara mai tuyar awara, wadda nake ce wa Yaya. Na gaya wa kaina ai musanya abu ne da aka saba, zan roƙe ta. Sai dai na kai takardar kafin in roƙa.

Mai asibitin ya yarda: rabi yanzu, sauran wata-wata, hula kuma ba za a ɗora ba sai biya ya cika. Na sa hannu.

Sannan na shiga gidan Yaya. Tana tatar waken suya. Na gaya mata duka, har da cewa na riga na sa hannu. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ba ta bar mata ƙofa ba, kuma na sani lokacin da nake faɗinta. Ta matse ƙyallen tatar, sannan ta ce, "'Yar lakwal, tunda kin rubuta, ai ba a mai da ke maƙaryaciya gaban likita ba. Je ki shaida wa uwar adashi."

Na san abin da take yi da kwasarta kowace shekara. Takan sayi ɗan rago tun yana da araha, ta turke shi, ta yi ta ba shi dusar awara da harawa, ta sayar gab da Layya. Ribar ce hatsinta na damina. Shi ya sa take roƙon a sa ta a wannan watan. Ban tambaye ta yadda za ta yi ba, don kada ta faɗa mini.

Aka yi ta aiki, zuwa bayan zuwa. Aka kashe jijiya, aka cike, aka ɗauki awon bakina. Sauran kuɗin na haɗa da ɗinkin hulunan maza da nake yi da abin da maigida ya ƙara bayan mota ta tashi. Ban saɓa rana ko ɗaya ba, har matar buro tana yaba ni wai ina da alkawari. Duk sanda na dawo da rasit nakan wuce ta ƙofar Yaya in ga turkenta wayam, dusar kuma tana sayar wa wasu a kan kuɗi kaɗan.

Bayan Layya ta kwashi tawa. Kuɗin bai ragu ba ko dala, amma kasuwar ta wuce. Da damina na riƙa aika mata gero a kwano, tana mayar da kwanon da awara a ciki, don kada ya zama sadaka. Na roƙi Allah gafara, ita kuwa na kasa buɗe baki.

Ranar da aka ɗora hular na tarar da ita bakin kasko. Na gaishe ta ina kare baki da gefen hijabi.

"Sauke hannun nan," in ji ta. "Buɗe in ga ragona."

Na buɗe. Ta duba da kyau, ta ce wallahi ya yi, ba mai cewa ba da shi aka haife ni ba. Sannan ta tsamo awara mai zafi ta miƙo mini, ta ce in gwada shi a gabanta. Na ciza da shi, na tauna, tana kallona.