Layuka Shidan da Malam Sodangi Ya Bari

Malam Sodangi ɗan Ƙofar Taramniya ne. Mahaifinsa baduku ne, amma shi tun yana saurayi hannunsa ya fi karkata ga cikin rediyo, har wani maƙwabcinsu ya sama masa gurbin karatu a wata kwalejin fasaha da ke cikin Sakkwato. Da ya gama ƙaramar difloma sai aka riƙe shi a ɗakin gwaje-gwaje na sashen lantarki. Nan ya shekara ashirin da shida, yana buɗe ƙofa da safe, yana jera wayoyi da alluna, yana nuna wa ɗalibai yadda ake riƙe ƙarfen dalma ba tare da an ƙona yatsa ba. Shi ba malamin aji ba ne. Malaman aji su ke rubuta darasi, shi kuwa nasa ya ga abin ya tashi a kan tebur.

A cikin darussan akwai na na'urar ƙirge mai tafiya daga sifiri zuwa tara ta komo sifiri. Ana haɗa ta da 'yan ma'ajiyai huɗu da ake kira filif-filof, kowanne yana riƙe da ko sifiri ko ɗaya. Sunayensu Q0, Q1, Q2 da Q3, kuma bugun lantarki ɗaya ke motsa su duka a lokaci guda. Kowanne yana da ƙafa biyu na umarni: J mai kunna shi, K mai kashe shi. In an ba su duka biyun sai ya juya, in ba a ba ko ɗaya ba ya tsaya yadda yake. Mai tsarawa zai zana jadawali, layi-layi, ga inda na'ura take, ga inda ake so ta je a bugu na gaba, daga nan ya fitar da lissafin abin da za a ɗaura wa kowace J da K.

Sai dai ma'ajiyai huɗu hali goma sha shida suke iya shiga, ƙirgen kuma goma kawai yake buƙata. Daga goma zuwa sha biyar, layuka shida ke nan da ba a amfani da su. A takardar darasin da Injiniya Jalaluddeen, shugaban sashen, ya rubuta, an sa wa shidan nan alamar X, aka wuce.

A shekararsa ta goma sha bakwai a wurin, Sodangi ya bi layukan da fensir ya ga inda matsalar take. Takardar ta sa wani ɗan haɗin lantarki da ake kira ƙofa, mai gane tara cif, don ta sanar da lambar gomomi, sannan ta yi amfani da ita wajen kashe Q3. Muddin na'ura na cikin sifiri zuwa tara, lafiya lau. Amma in wuta ta yi wargi ta jefa ta sha biyu, sai ta je sha uku, ta komo sha biyu, haka nan har abada, domin ba za ta ƙara ganin tara ba balle Q3 ya mutu. Sauran huɗun ma zagaye suke a tsakaninsu. Kuskuren da Sodangi ya yi shi ne ya faɗi wannan a gaban ɗalibai. Kafin mako ya fita an ba shi takardar tuhuma kan shiga aikin da ba nasa ba, ƙarin girman da yake jira kuma ya wuce shi. Tun daga ranar ya koyi wata ɗabi'a. Duk sanda za a gwada na'urar, sai ya miƙa hannu ya danna maɓallin mai da ita sifiri, bai ce wa kowa komai ba.

A shekararsa ta ashirin da shida aka yi wata ɗaliba, Murja, ɗiyar wani mai sayar da hatsi a Ƙofar Dundaye. Ita kaɗai ce mace a ajin ƙarshe. Aikinta na kammalawa na'ura ce mai ƙirga buhunan shinkafa yayin da suke wucewa ta gaban wata 'yar fitila, irin abin da ta ga ana fama da shi a injin casa inda babanta ke kai kaya. Na'urar ƙirgen darasin nan ta ɗora a cikinta. Ba ta da surutu, amma ba ta barin abu sai ta ga ƙarshensa. Wata ranar Talata bayan azahar ta zo teburinsa da littafinta a buɗe.

“Malam, waɗanga layukan da aka sa wa X, in na'urar ta faɗa ɗaya cikinsu, ina za ta?”

Sodangi ya dubi jadawalin. Rubutunta tsaf, layi goma a cike, shida a ƙasa babu komai sai X. Amsar tana bakinsa. Waya ɗaya ce za a cire daga ƙofar taran a kai ta Q0, shi ke nan. Sai ya ji takun Injiniya a baranda, ko kuma ya zaci ya ji.

“Mi takardar darasi ta ce?”

“Ta ce ba ruwanmu da su.”

“To, ki bi takarda. Injiniya ne mai duba aikinki, ba ni ba. Ki dai riƙa danna sifiri kafin ki fara.”

Ta ce ta gode, ta rufe littafin.

Ranar kare aiki an zo da mai jarrabawa daga wata makaranta, wani dattijo mai suna Dakta Siddiƙu. Murja ta jera na'urarta, ta danna sifiri, ta riƙa wucewa da kwali ta gaban fitilar a madadin buhu. Allon lambobin na'urar ya nuna ɗaya, biyu, uku, har ya kai ashirin da bakwai. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, aka tada janareto. Fitilun ɗakin suka yi ƙyafta-ƙyafta kafin su tsaya. Da allon ya dawo, gurbin lambar ɗaiɗai ya yi duhu, domin irin wannan allon ba ya nuna abin da ya wuce tara. Ta wuce da kwali sau uku, sau huɗu. Ba abin da ya fito, lambar gomomi ma ta ƙi motsi.

Sodangi yana tsaye bayan tebur. Hannunsa ya riga ya tafi wajen maɓallin, dattijon ya ce, “Bari, Malam, kada ka taɓa.” Ya juya ga Murja. “Dubi 'yan fitilunki huɗu na ciki, na ma'ajiyan. Me suke nunawa?”

“Ɗaya, ɗaya, sifiri, sifiri. Sha biyu ke nan.”

“Wuce da kwalin.”

“Sha uku.”

“Ƙara.”

Muryarta ta yi ƙasa. “Sha biyu.”

“A injin casa wa zai tsaya yana danna miki maɓalli duk sanda wuta ta girgiza? Buhu nawa za su wuce kafin a lura? Ina kika nuna abin da zai faru da halaye shidan nan?”

Ta ce yadda takardar darasi ta nuna ta bi. Injiniya Jalaluddeen ya gyara zama ya ce takarda jagora ce kawai, ɗalibin kirki shi ke bincika saura, kuma haɗa waya aikin ɗakin gwaji ne. Dakta Siddiƙu ya dubi Sodangi, ya tambaye shi ko yana da abin cewa. Murja ma ta dube shi.

“Babu, ranka ya daɗe,” in ji Sodangi.

Aka rubuta cewa ta sake aikin, ta dawo baɗi. 'Yan ajinsu suka fita ba da ita ba.

Kwana uku Sodangi bai iya cin tuwon kirki ba. Matarsa Jamilatu ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce a'a. Ranar Asabar da hantsi ya zauna a zaure ya zana jadawalin gaba ɗaya, layi goma sha shida, bai bar ko ɗaya ba. Ya rubuta lissafin a ƙasa: J0 da K0 kullum ɗaya; J1 da K1, Q0 tare da kishiyar Q3; J2 da K2, Q0 tare da Q1; J3, Q0 da Q1 da Q2; K3 kuwa Q0 kaɗai. Ya bi shidan ɗaya bayan ɗaya. Goma ta je sha ɗaya ta faɗo shida. Sha biyu ta je sha uku ta faɗo huɗu. Sha huɗu ta je sha biyar ta faɗo biyu. Ko ina ta ɓata, bugu biyu ya ishe ta komowa hanya. Ya ninke takardar ya hau babur ɗinsa zuwa Ƙofar Dundaye.

Mahaifin Murja, Alhaji Dodo, ya karɓe shi da mutunci, ya shimfiɗa masa tabarma, ya aika a kira ta. Ta fito ta durƙusa ta gaida Sodangi. Da ya miƙa mata takardar ta duba ta sama da ƙasa, ta shiga ciki ta fito da na'urar. Wayar K3 tana kan Q0, dalmar sabuwa fil.

“Washegari na gano,” ta ce. “Na bi su da fensir.”

“Madalla.”

Ta sake duban takardarsa, yadda ba gogewa ko ɗaya a ciki. “Malam, yaushe ka san wanga?”

Yana iya cewa jiya. Ya ce, “Shekara tara.”

Ta ninke takardar yadda ya kawo ta, ta ajiye a gefen tabarma kusa da ƙafarsa, ta ce bari ta kawo masa ruwa. Alhaji Dodo, wanda bai fahimci zancen ba, ya shiga yi masa godiya, yana cewa ba kowane malami ke biyo ɗaliba har gida ba, Allah ya saka da alheri. Sodangi ya zauna yana amsa amin, kansa a ƙasa.

Murja ba ta dawo baɗin ba. An ce ta kama aiki a wani shagon gyaran kayan sola a Tudun Wada, kuma hannunta yana da kyau. Ba ta da takardar shaida, don haka duk aikin da ya zo daga ma'aikatu da sunan mai shagon ake karɓarsa. Sau biyu Sodangi yana bi ta layin, bai tsaya ba.

Da sabon zango ya kama, ya sami alli ya rubuta layuka shidan a allon ɗakin gwaji, da gyaran a ƙasa, ya ce kowane ɗalibi ya kwafa. Sati biyu rubutun ya yi. A na uku aka kawo masa takardar canjin wurin aiki zuwa sito, inda ake ajiye karyayyun kujeru da tsofaffin mitoci. Bai yi gardama ba, ya miƙa makullan. A can ya cika shekarunsa na aiki.

Yanzu yana gida a Ƙofar Taramniya, idonsa ya fara rauni. Maƙwabta kan kawo masa fanka ko tocila ya duba, in ya iya ya gyara, in bai iya ba ya ce a kai Tudun Wada. In la'asar ta yi Jamilatu takan fito masa da kujera bakin ƙofa, ya zauna har a kira magariba.