Ƙwan da Arzika Ya Rataya a Makewayi

Duk wanda ya zauna Bodinga shekarun da aka fara kafa turakun wuta ya san Arzika mai lantarki. Ɗan garin Mandera ne, ubansa manomi, shi kuma tun yana yaro fartanya ba ta zama a hannunsa. Ya tafi Sakkwato ya bi wani mai haɗa waya, ya dawo da jakar fata, da filaya, da wani ɗan sukundireba mai ido a gindi da yake kira tasta. In ya dangwala shi a kan abin da wuta ta kama, idon sai ya yi ja. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, saboda haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba.

Aiki kam ya iya. A bakinsa na fara jin cewa wuta da ruwa ba sa ga maciji. Yakan ce wa masu gida makunnin makewayi a waje ake sa shi, gefen ƙofa, inda jiƙaƙƙen hannu ba ya kaiwa. Ƙwan lantarkin kuma a rufe shi cikin kwanon gilashi mai bakin roba don kada tururi ko fantsamar ruwa su shiga. Da wannan wa'azi ya samu aikin gidajen malamai da na ma'aikatan asibiti a Shagari.

A can ya ga ma'aikata suna aske gemunsu da kansu gaban madubi, abin ya shiga ransa. Ya dawo ya shafe makewayinsa da siminti, ya rufa masa kwano, ya kafa madubi a bango. Wanzamin unguwa ya ce, "To, Bature, Allah shi ba da sa'a. In ka yanke kunne ka aiko, ina da magani."

Kunnen dai ya tsira, amma haɓa ta sha reza. Ƙwan yana tsakiyar rufi, bayan ƙeyarsa, sai inuwar kansa ta rufe fuskar da yake son gani. Ya mayar da kwanon gilashin saman madubi, haske ya sauka a fuska sosai. Daga ranar matarsa Ladi ta ƙwace wurin. Ladi makitsiya ce, ita ke yi wa amaren unguwa kitso da kwalliya, kuma ba ta yarda a ga tozalinta ya karkace. Wanka, tozali, hoda, duk a nan take gamawa ta fito kamar za ta biki.

Sai aka shiga shekarar da aka ce kowa ya ɗaure cikinsa. Sabulu ma ya yi wuya, balle kayan wuta. Arzika yana da makewayi ɗaya da bai gama ba a Shagari, ya zagaye kasuwar Sakkwato bai samu kwanon gilashi ba. Ya dawo gida ya kwance nasa ya kai can. A madadinsa ya ɗauko wani tsohon mariƙin ƙwai na tagulla, irin mai ɗan makunni a jikinsa, ya ja masa waya mai igiya biyu, babu ta ukun nan da ke kai wuta ƙasa in ta ɓalle, ya rataya a ƙusa gefen madubi.

"Kwana biyu ne," ya ce wa Ladi. "Da kaya sun shigo in canza."

Kwana biyu har damina ta sauka. Wata rana ina jin su ta katanga, Ladi tana cewa, "Malam, abin nan naka fa shina cizo na in na taɓa." Ya shiga da silifas ɗinsa na roba, hannu a bushe, ya taɓa, ya ce ai ɗan tsiki ne kawai, gobe zai duba. Goben nan dai irin ta masu sana'a ce.

Ranar wata Alhamis da hantsi na ji ƙara, sannan na ji bokiti ya kife. Na zagaya da gudu, ni da mutanen gidan muka tarar da Ladi kwance a jiƙaƙƙen siminti, ba takalmi, hannun dama ya lanƙwashe a wuyansa, idonta ɗaya da tozali ɗaya babu. Da ta farfaɗo abin da ta iya faɗi kawai shi ne, "Wani abu ya riƙe min hannu, ya ƙi saki na."

Ai kuwa ta gama magana. Inna Kande, uwar Arzika, ta dafe kai. "Na faɗa! Na faɗa! Wa ke kwalliya a makewayi? Gidan mutanen ɓoye ne, ke kin shiga kina ta duba madubi kina yi masu yanga. Ga shi nan sun riƙe ki."

Aka kira mai ɗori ya ɗaure hannun da karare. Arzika ya dawo daga aiki da azahar, ya dubi matarsa, ya dubi ɗan tabon ƙuna a cikin yatsanta. Ya shiga makewayi ya jima. Da na leƙa da la'asar zan ɗauko mata zanenta, madubi na nan, ƙusa na nan, waya da ƙwai sun yi ƙafa.

Kafin a yi Juma'a biyu labari ya kai Sifawa cewa iska ta taɓa Ladi makitsiya. Wa zai miƙa kan ɗiyarsa ga hannun da aljani ya riƙe? Matan da ke cika mata zaure da hira suka koma gaishe ta daga bakin ƙofa. Uwar Zulai, yarinyar da aka sa bikinta bayan kaka, wadda tun tana goyo Ladi ke mata kitso, ta aiko cewa kada ta wahalar da kanta, sun samu wata. Karaya ba ta sa Ladi kuka ba, wannan aike ne ya sa ta. Ita kanta ta fara yarda. Ta daina shiga makewayin sai da rakiya, ta sa aka juya madubin ya fuskanci bango.

Shi kuwa gogan ya zama miji na gari ƙwarai. Ya sayo tsire, ya sayo nono, shi ke ɗebo ruwa, har surace ya riƙe mata kasko ana turara ta. Mutane suna ta yaba shi. Amma tuwo sai ya koma kicin yadda aka kawo shi, kuma mutumin da ke fito da waƙa in yana kan tsani ya zama bebe. Ya san in ya buɗe baki, duk Bodinga da Shagari za su ji cewa mai wa'azin makunni a waje ya kusa kashe matarsa da hannunsa, kuma ba mai sake ba shi ko ƙwai ya ɗaura.

Na tare shi wata safiya a ƙofar gida. Na ce, "Arzika, aljanin gidanku ɓarawo ne ashe? Ya riƙe hannun mutum, ya kuma tafi da waya."

Ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, ki bari."

"Na bari. Ni mi nawa? Ba ni ka kwana da ita ba."

Ya wuce, jakarsa tana dukan cinyarsa.

Abin da ya karya shi zuwan Kawu Bawa ne, ƙanen uwar Ladi, daga Dingyadi. Ya zo da shawarar a ba shi ita ya kai ta wajen wani mai magani, ta zauna can har sai an rabu da abin. Inna Kande ta amince. Mata sun taru ana haɗa mata ƙunshi. Ladi ta dubi mijinta ta ce, "Malam, ka yafe min. Na jawo maka abin kunya a gida."

Ina kallon sa. Ya miƙe kamar wanda aka tsikara, ya shiga ɗakinsa, ya fito da mariƙin tagullan nan naɗe cikin tsumma.

"Kawu, don Allah ku taso. Inna, ku ma. Kowa shi tsaya bakin ƙofa, kada wanda ya shigo."

Ya cire fis ya katse wutar gidan, ya mayar da wayar inda take, ya rataya abin a ƙusarsa, ya mayar da fis. Sannan ya tsaya a kan busasshen katako ya dangwala tasta a jikin tagullar. Cikin duhun makewayin idon ya yi jawur.

"Kun gani? Ga wanda ya riƙe ta." Ya sake cire fis, ya kwance mariƙin, ya nuna mana inda rigar wayar ta cinye a bakin shiga, zaren jan ƙarfe ya fito yana gogar tagulla. "Wuta na yawo a jikinsa. Ita tana tsaye cikin ruwa, ba takalmi, hannunta a jiƙe. Wuta in ta kama hannu damƙe shi take yi. Faɗuwar da ta yi ce ta fizge ta, ba don haka ba da yanzu wani zance ake. Ta faɗa min shina cizo, na ce gobe. Ni na rataya shi, ni na cire shi na ɓoye."

Kawu Bawa ya dube shi. "Wato ɗiyarmu na nan ana gudun ta, kai kana sayen tsire?"

"Haka ne, Kawu."

Inna Kande ta ce ita dai duk da haka kwalliya a makewayi ba tarbiyya ba ce, amma a hankali ta faɗa, kuma ita ta fara kwance ƙunshin. Ladi ba ta yi masa ko kallo ba. Ta ce da ni, "Gwaggo, juya min madubin nan."

Matan da suka ga jan idon nan su suka kai labari, kuma sun kai shi da gishirinsa. Aikin Shagari ya kuɓuce masa. Yara suka laƙaba masa Aljanin Makewayi, sunan ya bi shi har furfura, bai taɓa hana kowa ba. Ya koma gyaran rediyo da tocila a kasuwa, sai a hankali aka fara kiran sa gidaje.

Kafin wannan, sai da ya je har Gusau ya samo kwanon gilashi mai bakin roba. Ya kafa shi saman madubi, nesa da inda ake watsa ruwa, da farin ƙwai mai dishi-dishi wanda ba ya kashe ido. Makunni ya fita waje. Ya ja waya ta uku ya ɗaura a sandar ƙarfe da ya kafa cikin ƙasa bayan katanga. Ladi ta yi wata guda ba ta ce masa sannu ba.

Hannun ya warke da ɗan karkata, in sanyi ya shigo yana mata tsami. Shi kuwa har ya tsufa, in ta miƙa masa kwano da hannun nan, da hannu biyu yake karɓa, idonsa a ƙasa.

Ana saura kwana kaɗan bikin Zulai, uwar Zulai ta yi sallama da ɗiyarta a baya, tana ta kame-kame, wai waccan makitsiyar hannunta da zafi. Ladi ta bar ta ta gama, ta shimfiɗa tabarma, ta zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta. Da aka zo tozali hazo ya rufe rana, tsakar gida ta yi duhu. Ta kama hannun amarya ta nufi makewayi, uwar tana bin su da ido, bakinta yana motsi.

Arzika yana tsugune a gindin katanga yana goge filaya. Ladi ta tsaya bakin ƙofa.

"Malam, taso ka kunna muna. Kai za ka fara taɓawa."

Ya taso ya kunna.