Dami Biyun da Baba Madu Ya Yafe

Barista Kamaruddeen, shugabana a ofishinmu na Ɗambatta, ba ya karanta abin da ya wuce shafi guda. Ka kai masa biyu, ya mayar maka da na biyun. Don haka rayuwar Baba Madu kaf sai da na matse ta a shafi ɗaya, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Baba Madu manomi ne a wani ƙauye bayan Minjibir, inda gona ke manne da gona. Kakansa daga Borno ya zo. Mutum ne mai kunyar tsiya, ko kaza ce ta shiga rumbunsa sai ya ba ta haƙuri. Shekara talatin da suka wuce ya ara wa maƙwabcinsa Muhammadu Sani gona, ba rubutu, sai dai duk kaka a kawo masa dami biyu na gero don kada a manta mai ita. Wata shekara fari ya ƙone amfanin gona, ya ga yaran maƙwabci sun rame, ya ce a daina kawowa. Shekara goma sha uku ke nan. Yanzu Muhammadu Sani ya rasu, ɗansa Naziru ya ce sayen gonar ubansa ya yi. Shi ya kawo Baba Madu ofishinmu neman gonarsa.

A shafin nan, ta ɓangaren ƙarfin shari'armu, na rubuta cewa aro ba ya zama mallaka komai daɗewarsa, kuma Naziru ba shi da takardar ciniki. Rauninta kuwa ya fi tsawo. Mu ne masu da'awa, hujja a kanmu take. Shaidun aron biyu ne: ɗaya ya rasu, ɗayan ɗan Baba Madu ne, ga shi ba a karɓar shaidar ɗa ga ubansa. Naziru zai kafe a kan hauzi, wato sun haura shekara goma suna nomawa a gaban idon Baba Madu bai ce uffan ba. Takardun da babu: ta rabon gadon da ya ba Baba Madu gonar, wadda gara ta cinye, da wasiƙar dagaci kan iyaka.

Barista ya karanta a tsaye, ya rubuta a gefe: "Idan ba wani shaida, a nemi sulhu. Ko rabi ya samu, ya karɓa."

Ni aka bar wa faɗa wa Baba Madu. Ya saurara yana murza hularsa a gwiwa.

"'Yata, da na ci gaba da karɓar damin nan, da ba a kai nan ba?"

"Da duk unguwa shaidunka ne, Baba."

Ya daina murza hular.

"Shi Nazirun ne ya fi ramewa a cikin yaran," in ji shi. "Shi na duba na ce a bari."