Mabiya dubu takwas, ciniki babu

A shekarar da kasuwa ta yi sanyi a Garwa, na yi tunƙaho da mabiyan shafin shagona na atamfa har maƙwabta suka fara tsallake ƙofata. Mun kai dubu takwas. Na ce ko sauron bakin Binuwai yana bina.

Yayana, wanda ya zuba jarin, ya zo daga Kuseri ya zauna a kan benci.

"Alhaji ƙarami, cikin dubu takwas ɗin nan, mutum nawa suka tambayi farashi a wannan watan?"

Na duba saƙonni. Mutum huɗu ne, kuma ɗaya ce ta saya. Ashe barkwancina ya tara su, yawancinsu ma suna ƙasashen da ba na aika kaya.

Ya ce daga yau burina tambaya ashirin da ciniki biyar a mako, in ba haka ba ya janye jarinsa bayan wata biyu. Na koma sa farashi da lambar waya a ƙarƙashin kowane hoto, ina tambayar mai saye inda ta gan mu.

Mafi kyawun makona ciniki uku ne. Ya kwashe atamfofinsa, ya bar ni da mabiyana, suna ta tambaya yaushe zan sake ba su dariya.