Imel Ɗin Malam Mahadi

Mansur mai shagon kwamfuta a Funtuwa baki gare shi kamar zuma. Shekara goma sha biyu yana sana'ar, bai taɓa rubuta wa kowa garanti ba. In ka tambaya sai ya dafa ƙirji ya ce, "Haba, ni ne garantin!" Kai, Allah Ya raba mu da garantin baka.

Wata Talata da hantsi ya buɗe imel ɗin shago, sai ga saƙo daga Malam Mahadi, sakataren ƙungiyar manoman masara a Bakori.

"Salamu alaikum. Faifan ajiyar da ka sa mini a kwamfuta ya mutu, ya tafi da sunayen manomanmu gaba ɗaya. A turo mini farashin sabo, mai inci uku da rabi. Garantin wata nawa ne, kuma in ya lalace canzawa ake yi ko gyarawa? A tabbatar mini bakinsa irin wanda ake kira SATA ne, zai hau kwamfutata. Wannan karon a rubuce nake so."

Mansur ya sake duba sunan mai saƙon. Ai da shi aka sallaci gawar Malam Mahadi, yau kwana arba'in da biyu! Faifan nan kuwa na hannu ne, goge shi ya yi ya sayar masa a matsayin sabo. Daga shi sai Allah suka sani.

Tsoro ya hana shi zama. Ya ja ƙofar shago ya hau mota sai Bakori.

Yasmin, babbar 'yar mamacin, ta yi masa shimfiɗa a zaure, kusa da teburin da aka lulluɓe kwamfutar da zane. Da ya nuna mata saƙon sai ta ce, "Wayar Baba ce ta faɗo a rabona. Yau da safe na sa mata data. Ashe a ciki saƙon ya maƙale, bai tafi ba." Ta share ido. "Kwana uku yana cewa Mansur bai amsa ba. Har ya rasu yana ganin shi da kansa ya ɓata faifan da rashin iyawa."

Da a ce aljani ne ya turo, wallahi da ya fi masa sauƙi. Wa zai roƙa gafara yanzu?

Nan zaune ya ciro wayarsa, ya amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya sa farashi, garantin shekara guda, canzawa ake yi, zai hau. A ƙasa ya ƙara: "Malam, na farkon tsoho ne. Ba laifinka ba ne." Ya tura.

Wayar mamacin ta yi ƙara a hannun Yasmin. Ta karanta har ƙarshe, ta ɗago ta dube shi.

"Bari in kira Umma," in ji ta. "Ka faɗa mata da bakinka."