Shekara Uku Ina Neman Aiki, Ashe Labarinsa Na Shagon Maƙwabciyata

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne ɗan shekara ashirin da tara, mai mata da 'ya ɗaya, mai takardar shaidar karatun gwajin jini, kuma mai girman kan da ya fi takardar nauyi. A wani ƙaramin asibiti nake aiki a garinmu da ke kudancin Borno, har ranar da 'yan bindiga suka shigo muka fita da ƙafa. Abin da na iya ɗauka shi ne 'yata a kafaɗa da takarduna a cikin leda. Haka muka iso Yola.

Ba zan taɓa manta alherin mutanenmu ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, malamin allo ne kuma ɗan kasuwa da ya daɗe a unguwar Makama. Bai tambaye mu ko kwana nawa za mu yi ba, tabarma kawai ya sa aka shimfiɗa. Gidan ya cika maƙil da 'yan gudun hijira, sai aka raba: mata da yara a cikin gida, maza a zaure. Ni da matata muka koma kamar saurayi da budurwa, sai na aika a kira ta mu tsaya a bakin ƙofa mu gaisa, tsofaffi na wucewa suna tsokanar mu wai yaushe ne bikin. Ina dariya, amma abin yana ci na. Babu abin da nake so a duniya irin in sami aikina, in kama ɗaki ko guda ɗaya, in haɗa iyalina a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Kawu ya sa ni tsaron shagonsa na huluna da turare a kasuwar Jimeta. Ci da sha da sabulu ba mu rasa ba, kuma ranar da 'yata ta kwanta zazzaɓi, kafin in buɗe baki mutanenmu sun haɗa hannu an kai ta asibiti. Duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muna haɗuwa a gindin wata darbejiya a Alkalawa, 'yan garinmu zalla. A nan ake jin wanda aka gani da wanda ba a gani ba, a nan kuma ake neman aiki. Yadda ake yi shi ne kowa ya kawo kwafin takardunsa a ambulan, shugaban wannan majalisa tamu ya tattara ya kai wa wani ɗan garinmu da ke aiki a sakatariya, mutum ɗaya tilo da muke da shi a gwamnati. An gargaɗe mu kada mu riƙa watsa takardu a gari, kada kuma mu faɗa wa bare sirrinmu. Gargaɗin yana da dalili, domin a wancan lokacin da zarar an ji daga inda ka fito sai a fara yi maka wani irin kallo.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, mu talatin da muke zama a gindin bishiyar nan kunnenmu ɗaya ne. Abin da wannan ya sani shi wancan ya sani. Idan aka ce ana neman mai tsaron shago ko mai rakiyar motar kaya, kafin la'asar kowa ya ji, kuma namu za a ba. Amma babu ko ɗaya a cikinmu da ke shiga harkar asibiti, don haka ko da asibitocin Yola duka suna neman mai gwaji, babu ta inda labarin zai iso mu. Kowane mako sai in tambayi mutanen da na tambaya makon jiya, su ba ni amsar da suka ba ni makon jiya, in koma gida ina cewa babu aiki a garin nan.

Jikin shagonmu akwai shagon wata mata Inyamura, kowa Madam yake ce mata. Kayan asibiti take sayarwa: safar hannu, sirinji, auduga, kayan gwaji. Tsakanina da ita gaisuwar safe ce kawai, ita ma a taƙaice. Wata rana, ban cika shekara a shagon ba, ta leƙo ta tambaye ni da Hausarta mai gauraye da turancin kasuwa ko a cikin mutanenmu da suka zo akwai wanda ya iya aikin gwajin jini, domin wani kwastomanta yana nema. Edita, a nan ne na tafka kuskuren da ya sa na rubuto maka. Takarduna suna ƙarƙashin kantar shagon, tsakanina da su bai kai taku ɗaya ba, amma na dube ta na ce ban san kowa ba. Raina ya ba ni bincike take yi, kuma a makon ne aka ce mana mutuminmu na sakatariya ya ce a ƙara haƙuri, an kusa ɗaukar ma'aikata. Na ce a raina ni da nake jiran aikin gwamnati me zan yi da maganar mai sayar da auduga.

Shekara biyu suka ƙara wucewa. 'Yata ta shiga makaranta tana kiran zaure ɗakin Baba. Matata ba mai yawan magana ba ce, amma wata rana a bakin ƙofar nan ta ce da ni ita ba ta neman komai, tana dai so ta dafa abinci a tukunyarta ta zuba mini da hannunta. 

Ranar da al'amura suka juya, an sauke wa Madam kaya da tsakar rana, aka bar mata kwalaye a bakin shago cikin zafin nan na Jimeta, ita kuma tana ciki da masu saye. Na hango rubutun jikin wani kwali, na ga kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro ne. Zuciyata ta kasa daurewa. Na ɗauke su na shigar mata, na ce kada ta bari rana ta dake su, zafi yana lalata su, sai a gwada mai ciwo a ce lafiyarsa ƙalau. Ta tsaya tana kallona, ta tambayi inda na san wannan. Na faɗa mata gaskiya. Matar nan ta dafe kai ta yi ta salati irin nasu. Ta ce tun ranar da ta tambaye ni, masu asibiti uku sun zo shagonta suna cigiyar ma'aikaci, ga shi ashe yana jikin bangonta yana jera huluna. Ta bayyana mini cewa ƙananan asibitoci ba sa buga sanarwa, wanda suke hulɗa da shi suke tambaya, kuma duk sai sun biyo ta wajenta sayen kaya. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Bayan kamar wata guda ta kira ni ta haɗa ni da wata Hajiya Bafulatana, tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai asibiti a Yola Gari, wadda mai gwajinta ya koma garinsu. A gabana Madam ta gaya mata gaskiya: ba ta san asalina ba, ba ta san aikina ba, abin da ta sani shi ne shekara uku ba ta taɓa jin an yi rigima da ni ba, kuma na san kayan gwaji. Hajiya ta ce in zo ta gwada ni, in na ci kuma sai na kawo wanda zai tsaya mini, mutumin da Jauro, wato mai unguwa, ya sani. Wannan kam Madam ta ce ba huruminta ba ne, ƙofa ta nuna mini, ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta sani ba. Ban ji haushi ba, domin gaskiya ta faɗa.

Sai ga ni na dawo wajen Kawu, kuma a nan na sha wuya. Ya ɓata rai sosai. Ya ce ya ci da ni ya sha da ni, yanzu zan bar masa shago saboda maganar bare, kuma hakan tamkar na ce mutuminmu na sakatariya ya kasa ne. A majalisa ma an yi ta gunaguni, har wani ya ce na fara raina mutane. Na durƙusa gaban Kawu na ce masa, shi ne ya raya ni lokacin da ba ni da kowa, kuma yau ma in bai sa hannu ba babu mai sa mini. Na gaya masa maganar tukunyar matata. Daga ƙarshe ya ce in tafi a gwada ni tukuna, kada in je in ba shi kunya.

Ranar gwajin, shekara uku ke nan rabona da na'urar duba jini. Hajiya ta ba ni gilasai biyar da aka shafa wa jini ta ce in faɗi abin da na gani. Na farko na daɗe a kansa har gumi ya jiƙa mini riga. Daga na biyu idona ya dawo. A na huɗu na ce mata rinin da aka yi masa bai kama ba, ba zan ba da sakamako a kansa ba sai an sake ɗiba. Ta yi murmushi ta ce da gangan ta sa shi, ta ga ko ni mai cika takarda ne ko mai aiki. Washegari Kawu ya sa babbar rigarsa, ya ɗauko Jauro da kansa, ya sa hannu. Bayan wata biyu na kama ɗaki da falo. Ranar da matata ta ɗora tukunyarta, tuwon dawa ne da miyar kuka, amma ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, kuma na yi hawaye ban ɓoye ba.

Yau ni ne shugaban ɗakin gwaji a wannan asibiti, kuma har yanzu ina zuwa majalisar Juma'a. Bambancin shi ne yanzu ina zuwa da labarin da ba su da shi. Ta hanyata wata 'yar garinmu ta sami aikin jinya, wani kuma direban motar asibiti, haka nan ƙanin Madam ta bakin Kawu ya sami shago a layinsu. Mutuminmu na sakatariya kuwa ya yi ritaya. Bawan Allah ne, bai yaudare mu ba, ƙaramin ma'aikaci ne da muka ɗora wa kayan gari guda. Ya dawo mana da buhu cike da ambulan ɗinmu, na sami tawa a liƙe yadda na ba da ita.

Abin da na koya shi ne, naka su ne za su rufa maka asiri, su ciyar da kai, su tsaya maka ranar da ake neman mai sa hannu, kuma duk wanda ya yar da su ya yi asara. Amma abin da suka sani kai ma ka sani. Sabon labari yana wajen wanda ba ku tashi tare ba, wanda yake shiga inda ba ka shiga. Don haka ina kira ga matasa masu neman aiki, musamman 'yan'uwana da rikici ya raba da gida: ku riƙe naku da kyau, amma ku tsawaita gaisuwa da maƙwabcin da ba yarenku ɗaya ba, ku bari a san abin da kuka iya. Ambulan ɗin nan tana cikin durowata a ofis, ban buɗe ta ba. Duk matashin da ya zo ya ce mini babu aiki a garin nan, sai in fito da ita in nuna masa, sannan in tambaye shi wane ne a jikin bangonsa.