Suna Na Goma Sha Bakwai

Ran nan Juma'a ce, na fito daga asibiti a Garki bayan an auna mini jini, ƙafafuna duk sun kumbura saboda zaman layi. Ofishin 'yata ba nisa, sai na ce bari in biya mu koma Karu tare. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba a takarda zan fara ba.

Na tarar da ita ita kaɗai. Maza sun tafi masallaci, kuma a ma'aikatarsu wanda ya tafi masallaci ran Juma'a sai Litinin. Ta cire takalmi, ta tasa kwamfuta a gaba, ga abincin da na zuba mata da asuba ko buɗe shi ba ta yi ba. Ta ce oganta ya bar mata saƙon imel da za ta tura kafin ƙarfe huɗu: sunayen ma'aikatan da za a kai kwas, zuwa ga makarantar da za ta horar da su, kwafi kuma ga darakta.

Na san abin da ke cinta. Wata uku kafin nan ta tura sanarwar taro, ta rubuta Talata alhali kwanan watan Laraba ne. Manya biyu suka zo ran Talata suka iske ɗaki a kulle. Aka ba ta takardar tuhuma, wadda suke ce wa kweri, aka saka a fayil ɗinta. Ga shi ba a tabbatar mata da aikin ba tukuna, kuma oga ya faɗa mata a fili cewa in aka samu ta biyu, shi ba zai sa hannu a takardarta ba. Tun daga lokacin ta rubuta abu huɗu a 'yar takarda ta manna a gefen kwamfuta: sunaye, lambobi, kwanan wata, abin da aka maƙala. A ƙasa ta ƙara cewa adireshin wanda za a tura wa shi ne ƙarshen sakawa, don kada hannu ya zame saƙo ya tafi bai kammala ba.

Ta ce idonta ya daina gani, ta karanta abin sau biyar har kalmomin sun zama ruwa. Ta miƙo mini takardar da oga ya sa wa hannu, ta ce ita za ta karanta daga kwamfuta, ni in bi da yatsa.

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, na yi shi ina goyon autana. Turanci ban iya ba, amma suna suna ne, lamba lamba ce. Malamarmu ta koya mana mu bi harafi ɗaya ɗaya, kuma kada mu dangwala hannu a abin da ba mu karanta ba. Yarana suna mini dariyar wannan jan ƙafar. Ranar 'yata ba ta yi dariya ba.

Muka fara da sunan shugaban makarantar da muƙaminsa, da na darakta. Sannan lambobi: mutum ashirin da huɗu, kwana biyar, da lambar fayil ɗin da ke saman wasiƙa, wadda na sa ta faɗa mini ɗaya bayan ɗaya, ba a dunƙule ba. Da muka zo kwanan wata sai na tashi, da ƙafar nan tawa, na je gaban kalandar bango na ɗora yatsa. Litinin ɗin da aka rubuta Litinin ce. Ranar gamawa Juma'a, na ƙirga kwana biyar cif. Kowanne muka wuce sai ta sa masa alama da fensir.

Saura na huɗu. Ta nuna mini wani ɗan akwati a ƙasan saƙon, ta ce ga jerin sunayen nan a maƙale, sunan fayil ɗin daidai ne, kuma ai mun ga takardar da aka buga. Uku da rabi ta wuce. Ta ce in ba mu fita yanzu ba, za mu yi magariba a cunkoson motoci, gosulon nan na Nyanya. Har ta fara laluben takalminta da ƙafa.

Ni ma na gaji. Bayana yana ciwo, ban sha maganin rana ba. Amma na ce mata takardar da ke hannuna na gani, abin da ke cikin akwatin nan ban gani ba.

"Mama, abu ɗaya ne fa."

"To buɗe mini in ga abu ɗayan."

Ta ja numfashi irin na ubanta, ta danna. Intanet ɗin ofis yana rarrafe, muka zauna muna kallon wani abu yana ta juyawa. Da ya buɗe ta ƙara girman rubutun, ta tura mini kujerarta, ita ta jingina da bango ta rufe ido. Ta ce in karanta a bayyane, tana ji.

Na bi su a hankali. Adadin ya nuna ashirin da huɗu a ƙasa, daidai da wasiƙa. Da na kai na goma sha bakwai na karanta sunan, bakina da kansa ya ce, Allah ya jiƙansa. Haka na tashi na ga ana yi, ba a wuce sunan mamaci haka nan. Har zan ci gaba, sai ta buɗe ido.

"Wa kike wa addu'a?"

"Ba shi ne abokin aikinku da muka je gaisuwarsa a Nyanya ba, na kai wa matarsa waina ran bakwai?"

Ta matso ta duba. Ta karɓi takardar hannuna ta duba. A takarda, na goma sha bakwai wata mata ce da aka saka a gurbinsa. A cikin akwatin kuwa marigayin ne zaune da lambarsa ta aiki. Tsohon jeri ta maƙala, wanda aka yi kafin rasuwar. Fayil biyu ne masu suna kusan iri ɗaya, kuma da yake an cire mutum ɗaya an saka ɗaya, lissafi bai nuna komai ba. Da ya tafi haka, ma'aikata ta tura mamaci kwas, an bar mai rai, kuma darakta da kansa ya je jana'izar.

Ta zauna a kan teburin ta riƙe kai. Na ce mata agogo yana tafiya. Ta cire tsohon, ta nemo sabon ta duba ranar da aka gyara shi, ta maƙala, ta sake buɗe shi daga cikin saƙon. Ban jira ta roƙe ni ba, na sake karanta ashirin da huɗun nan tun daga farko, ita tana bin takarda. Sannan ta sa alama ta huɗu, ta rubuta adireshi, muka duba shi harafi harafi, ta tura. Saura minti kaɗan huɗu ta cika.

Magariba kuwa a gosulon muka yi ta. Ta yi barci a kafaɗata a cikin bas, kular abincin tana kan cinyata.

Ran Litinin na tambaye ta me oga ya ce. Ta ce bai ce komai ba, ya ba ta wani aikin. A wurinsu, in ba a kira ka ba, to ka yi daidai ke nan. Takardar tabbatarwa ta fito bayan wasu watanni, ta kawo mini gida. Na sa tabarau na fara bi da yatsa daga sunanta, ita tana tsaye da mayafi a hannu tana jira in kai ƙarshe.